Tsohon Maigidansa Ya Ce "Ba Laifi", Sai Ya Yi Shiru

Tambaya: Ina da shagon sarin kayan masarufi a Kano, kuma ina son ɗaukar yaron da zai riƙe mini sito da kuɗin ciniki. Ya ba ni lambar tsohon maigidansa, na kira, ya ce mini "ba laifi, yaron kirki ne", daga nan bai ƙara komai ba. Me ya kamata in tambaye shi, kuma yaya zan fahimci wannan shirun?

Amsa: Alhaji, ina kyautata zaton tambayar da ka yi masa ita ce "yaya halinsa?", domin ita ce tambayar da take haifar da irin wannan amsa. Na shafe shekaru ina ɗaukar ma'aikata ga 'yan kasuwa da ƙananan kamfanoni, kuma ban taɓa jin an yi wannan tambaya an sami abin kamawa ba. Ka sa kanka a matsayin mutumin. Baƙo ya kira shi, bai san shi ba, yana neman ya yanke hukunci a kan ɗan wani. In ya faɗi aibin yaron, ya tona masa asiri, ya kuma shiga tsakaninsa da abincinsa, gobe maganar ta zagayo a ce Alhaji wane ne ya ɓata shi. In ya yabe shi alhali ya san akwai matsala, ya ci amanarka. Sai ya bi ta tsakiya, ya ce "ba laifi". Bai yi maka ƙarya ba, bai kuma gaya maka komai ba.

Aikinka shi ne ka sake kiran, ka yi tambayoyin da zai iya amsawa da gaskiya ba tare da ya zama mai ɓata wani ba. Yawancin mutanenmu ba za su yi maka ƙarya kai tsaye a kan abin da ya faru ba, amma za su yi wa yaro sutura iya ƙarfinsu in ka tambaye su ra'ayi. Saboda haka ka bar ra'ayi, ka nemi abin da ya faru: yaushe, nawa, wa ya riƙe makulli, wa ya ƙirga kaya.

Kafin nan akwai abin da ya fi tambayoyin muhimmanci, wato ka tabbatar da wanda kake magana da shi. Lambar da yaro ya ba ka, shi ya zaɓe ta. Tana iya zama ta maigidan da gaske, tana iya zama ta yayansa ko abokinsa da suka shirya. Ka nemi lambar ta wata hanya. In shagon a Singa yake ko Kwari ko Dawanau, ai ba ka rasa wanda ka sani a layin, ko ka tambayi shugaban layin, ko ka tura yaronka ya karanto lambar da ke jikin allon shagon. In kamfani ne, ka duba sunansa a shafin binciken Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ka ga ko akwai shi, sannan ka kira ofishin ka nemi a haɗa ka da wanda yaron ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Manhajar Truecaller tana taimakawa, amma kada ka dogara da ita ita kaɗai, domin sunan da take nunawa daga wayoyin mutane take tattaro shi, kuma mai lamba yana iya sauya shi.

Ka kuma shaida wa yaron cewa za ka kira, ka ji amincewarsa, in da hali ya rubuta a takardar neman aikinsa. Tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane, kuma ko ba don doka ba, wannan shi ne adalci. In har yanzu yana aiki a wurin bai gaya musu yana neman wani ba, kada ka kira sai ya yarda. Na ga wanda aka kora saboda irin wannan kira, kuma wanda ya kira ɗin bai ɗauke shi ba.

Da ka same shi a waya, ku gaisa sosai, ka faɗi sunanka da inda shagonka yake da wanda kuka sani tare in akwai. Ka tambaye shi ko yana da minti goma yanzu, ko ka kira bayan La'asar. Mai shago da kwastomomi suka tsaya masa a ka ba zai gaya maka komai ba, kuma ba ka san wanda ke zaune a kan bencinsa ba, wataƙila kawun yaron ne. Sannan ka buɗe masa ƙofa da magana irin wannan: "Alhaji, shawara nake nema, amanar dukiya zan ba shi. Abin da ka gaya mini tsakanina da kai ne." Kalmar shawara tana da nauyi a wurin Musulmi, domin ya zo a hadisi cewa wanda aka nemi shawararsa amana aka ɗora masa. Malamai kuma sun cire irin wannan daga cikin gibar da aka haramta, suna kafa hujja da Faɗimatu bint Ƙais, wadda ta gaya wa Manzon Allah (SAW) cewa Mu'awiya da Abu Jahm suna neman aurenta, ya faɗa mata abin da ke tare da kowannensu: ɗaya ba shi da dukiya, ɗaya kuma ba ya ajiye sanda daga kafaɗarsa. Ba wa'azi za ka yi masa a waya ba. Amma in ka ji yana cewa "ni ba na son in ci naman wani", kana iya tuna masa a hankali cewa wannan nasiha ce. Kuma in ka ce tsakaninka da shi ne, to ya zama hakan.

Ka fara da tambayoyi masu sauƙi, kuma kada ka saka masa amsa a baki. Kada ka ce "ya ce ya riƙe maka sito shekara biyu, haka ne?", domin ko wanda bai taɓa ganinsa ba zai ce "haka ne". Ka ce: "Yaushe ya fara a wurinka? Yaushe ya bari? Wane aiki yake yi maka? Su nawa ne a shagon lokacin?" Waɗannan suna yin aiki biyu. Na farko, maigidan ƙarya a nan yake faɗuwa. Yana da yabo da yawa, amma bai san yawan yaran shagon ba, bai san ƙarfe nawa ake rufewa ba, bai san dilan da ke kawo musu kaya ba, kuma kwanan watan da zai ba ka zai yi daidai da takardar yaron fiye da kima. Maigidan gaske ba ya tuna wata. Zai ce "wajen azumin bara waccan" ko "lokacin canjin kuɗi". Na biyu, kana sauraron yadda mutumin yake magana in babu abin da ke damunsa. Wani a hankali yake magana ko kan farashin sukari ka tambaye shi, wani kuwa kamar ruwa. In ba ka san yadda yake tafiya a kan tudu ba, ba za ka gane inda ya yi tuntuɓe ba.

Daga nan ka tambayi wanda ya kawo yaron. Wannan tambaya mutane suna tsallake ta, ita kuwa take fassara duk sauran. In ya ce "ɗan ƙanwata ne", ko "limamin unguwarmu ne ya kawo shi", ka san cewa bakinsa a ɗaure yake, yabonsa ba shi da nauyi sosai, kuma ko ɗan jinkiri daga gare shi abin lura ne. In ya ce "shi ya zo da kansa", to zai fi sakin jiki.

Yanzu sai kuɗi da kaya, kuma a nan za ka daɗe. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya tambayi wani da ya zo yana ba da shaidar kirkin wani mutum: shin maƙwabcinsa ne, shin sun taɓa tafiya tare, shin sun taɓa yin mu'amalar dinari da dirhami? Da ya ce a'a duka, sai Umar ya ce masa ashe bai san shi ba. Haka za ka yi. "Yaron kirki ne" tana iya nufin yana gaisuwa kuma ba ya wasa da salla, alhali bai taɓa riƙe naira ɗaya ta maigidan ba. Sai ka tambaya: "Wa yake riƙe makullin sito? Kuɗin ciniki a hannun wa suke kwana? Ka taɓa aikensa banki, da kamar nawa? In kwastoma zai tura kuɗi, asusun wa ake ba shi? In ka yi tafiya, wa kake bar wa shagon?" Sannan tambayar da na fi so a cikinsu duka: "Daga farkon zuwansa har tafiyarsa, abin da yake riƙewa ƙaruwa ya yi ko raguwa?" Maigida ba ya bayyana amincewarsa da baki, da makulli yake bayyana ta. Yaron da ya fara da ɗaukar kaya ya ƙare da riƙe littafin bashi, wannan shaida ce da ta fi yabo ɗari. Wanda ya fara da riƙe kuɗi ya ƙare a ƙofar shago yana kiran kwastoma, wani abu ya faru a tsakani, ko da ba a gaya maka ba.

Maganar giɓi kuwa, kada ka ce "ya taɓa sata?". Kalmar ta yi nauyi, kuma sau da yawa shi kansa maigidan zargi yake yi, bai kama ba, ba zai iya rantsuwa ba. Ka mayar da giɓi abin da kowa ya sani: "Alhaji, ka san kowane sito ana samun giɓi in an yi ƙidaya. Lokacin da yake riƙe da naka, yaya abin yake, kuma yaya kuke yi in an samu?" Amsar mai gaskiya a kan yaro mai gaskiya tana zuwa da bayani: katan ɗaya ko biyu, wani lokaci kuskuren lodi ne, an gano a takardar kaya. Amsar da ke ɓoye wani abu tana zuwa babu adadi a cikinta.

Bari in ba ka misalin wani kira da na yi a madadin wani ɗan kasuwa mai sarin taliya da man girki. Yaron ya rubuta cewa ya riƙe sito a wani shago daga Maris 2021 zuwa Agusta 2023. Na sami maigidan ta hannun maƙwabcinsa na kasuwa. Mutum ne mai saurin magana, tambayoyin farko duk ya amsa kafin in rufe baki: yara huɗu ne a shagon, abokinsa ne ya kawo yaron, yana zuwa da wuri, ya iya lissafi, kwastomomi suna son sa. Na ce yaushe ya bari. Ya ce "bayan ƙaramar Salla kaɗan". Ƙaramar Sallar 2023 a watan Afrilu aka yi ta, ke nan akwai kusan wata huɗu da takardar ta cike da aikin da babu shi. Ban ce masa komai ba, na rubuta.

Na ce wa yake riƙe makulli. Ya ce "shi ne, da farko". Na maimaita masa kalmarsa kawai: "Da farko?" Sai mutumin da ke gudu ya tsaya. Na yi shiru ni ma. Wannan shi ne abu mafi wuya a wannan aiki, domin al'adarmu ba ta son a bar babba yana neman kalma, sai ka ji bakinka yana so ya ce "to, ba komai, na gane". In ka faɗi haka ka rufe ƙofar da kanka. Na ƙirga biyar a zuciyata. Sai ya ce, "Daga baya ƙanena ya karɓa. Ka san ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba."

Ban tambaye shi me yaron ya yi ba. Na ce, "Alhaji, in na ɗauke shi, ta ina zan sa masa ido don in taimake shi?" Wannan tambaya tana ba shi damar faɗin aibin a matsayin taimako. Ya ce, "Kada ka bar shi ya ba da bashi." Daga nan maganar ta warware. Yaron ba sata yake yi ba a ma'anar ɗaukar kuɗi ya sa aljihu. Yana fitar wa abokansa masu ƙananan shaguna kaya bashi ba tare da ya rubuta ba, da niyyar su biya kafin ƙidaya, kuma sun saba biya. Wata ƙidaya da aka yi kafin azumi ta zo ba zato, aka nemi katan talatin da wani abu na taliya babu. An karɓo yawanci, sauran aka cire a albashinsa, aka karɓe makullin, shi kuma kunya ta sa ya tafi bayan Salla.

Tambayata ta ƙarshe ita ce, "In ya dawo gobe, za ka ɗauke shi?" Ya ce "zan ɗauke shi". Na ce, "Za ka ba shi makullin?" Ya yi dariya kaɗan ya ce, "Zan sa shi a gaban shago." Ka lura, da na tsaya a tambaya ta farko da na tafi da "zan ɗauke shi" a matsayin yabo. Kullum ka haɗa ta da aikin da kai za ka ba shi.

Da muka zauna da yaron, ban ce masa "maigidanka ya ce" ba. Na nuna masa takardarsa na ce ina son ya sake gaya mini watan da ya bari, kuma ko an taɓa samun giɓi a hannunsa. Ya sunkuyar da kai ya faɗi labarin kusan yadda na ji shi, har adadin katan ɗin. Ɗan kasuwar ya ɗauke shi a ɓangaren sayarwa, littafin bashi da makulli suna hannun wani. Da ya musa, da shawarata ta bambanta, domin kuskuren da ya wuce ya fi sauƙin zama da shi a kan ƙaryar da ake yi maka yau.

Daga wannan kira za ka ga abin da nake saurare. Tsawon shirun ba shi ne ba, inda ya faɗo shi ne. Mutumin da ya amsa tambaya shida a guje ya tsaya a ta bakwai ya nuna maka wurin da za ka tona. Bayan shiru, abin da ya fi yawa shi ne sauya hanya: ka tambayi kuɗi, a ba ka amsar salla ko ladabi. "Yaya riƙon amanarsa?" "Gaskiya yaron yana da biyayya." Biyayyar gaskiya ce, amma ba ita ka tambaya ba. Ka gode masa, ka dawo: "Madalla. Ta wajen kuɗi fa?" In ya sake kaucewa karo na biyu, ka sami amsarka a kan cewa akwai magana, ko da ba ka san mece ce ba. Haka nan in magana ta tashi daga kan yaron ta koma kan mutane gaba ɗaya, "yaran yanzu sai addu'a", "kowa da halinsa", "sai dai a yi ta haƙuri", to mutumin yana gaya maka abu ne ta bayan labule. Akwai kuma ƙananan kalmomin da ke rage nauyin yabo: "a lokacin dai", "ni dai a wurina", "iya sanina", "in an sa masa ido". Ka ɗauki kalmar ka mayar masa da ita cikin ladabi, ka yi shiru. Addu'a ma tana da launi. "Allah ya yi masa albarka" daban take da "Allah ya shirya shi", kuma duk Bahaushe ya san bambancin.

Wata kalma da ke yaudarar mutane ita ce sallama. "Na sallame shi" tana iya nufin kora, tana iya nufin yaro ya yi shekaru yana yi wa maigida hidima an ba shi jari an yaye shi, wanda shi ne mafi girman yabo a kasuwa. Ka tambaya: "Sallama ta jari, ko dai rabuwa kuka yi?" In jari ne, sai ka tambayi yaron ina jarin ya tafi har yake neman aikin albashi. Karyewa ba laifi ba ce, amma kana bukatar sanin ko akwai masu bin sa bashi, tunda kuɗinka zai riƙe.

Yanzu ɗaya ɓangaren, kuma ina roƙonka ka ba shi nauyi daidai da na farko, domin na ga an hana yara nagari aiki saboda shirun da ba nasu ba ne. Wani jinkirin na tunani ne kawai: mutum yana da yara goma sha biyar, wannan ya bar shi shekara uku da suka wuce, yana ƙoƙarin tuno fuskarsa. Za ka gane shi domin yana zuwa a tambayoyin farko ma, kuma bayansa bayani ne yake biyowa. Wani na layin waya ne, musamman a kiran WhatsApp, inda murya take makara. Wani na doka ne: manyan kamfanoni da bankuna da yawa sun hana ma'aikatansu cewa komai in ban da tabbatar da ranar farawa da ranar bari da matsayi, kuma haka za su yi wa mafi kyawun ma'aikacinsu. In ka ji "ba a yarda mu yi bayani ba", ka tambaya ko ƙa'idarsu ce ga kowa. In an ce haka ne, kada ka ɗora wa yaron komai.

Wanda ya fi haɗari shi ne jinkirin da laifin na maigidan ne. Mutum ya riƙe wa yaro albashin wata uku, yaron ya gaji ya tafi. Ko yaron ya koma wurin abokin hamayyarsa a layi ɗaya, wasu kwastomomi suka bi shi. Irin wannan maigida zai ja numfashi ya ce "hmm, ka dai yi hankali", kuma ka ɗauka gargaɗin mai gaskiya ne. Yadda ake rarrabewa shi ne ka nemi misali ɗaya: "Alhaji, ko za ka tuna wani abu guda da ya faru?" Mai ƙorafin gaske yana da rana da kaya da adadi, kuma yakan faɗe su da nauyin baki, har ya haɗa da uzuri ga yaron. Mai jin haushi yana da siffofi kawai: butulu ne, ba shi da kunya, ya fi ƙarfin kowa. Kuma in ka saurara, duk zafin a kan tafiyar yaron yake, ba a kan zamansa ba. Sai ka tambaya, "Kafin maganar tafiyar ta taso, yaya aikinsa yake?" Sau da yawa za ka ji murya ta sauko: "A'a, aiki kam ya iya." Ka kuma tambaya ko ya ba da sanarwa kafin ya tafi, ko ya miƙa makulli da littafi, ko akwai sauran lissafi a tsakaninsu. Tambayar ƙarshen nan tana kama ɓangare biyu. In yaron ne ake bi, za a gaya maka da sauri. In maigidan ne ake bi, a nan za ka ji shirun, kuma shirun nasa ne. Game da sanarwa, Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta sa mako ɗaya ga wanda ya haura wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya daga shekara biyar. Yawancin shagunanmu ba da ita suke aiki ba, amma tana ba ka ma'auni in wani ya ce yaro ya gudu alhali ya faɗa masa mako biyu kafin ya tafi.

Saboda duk wannan, kira ɗaya ba ya isa ga wanda zai riƙe sito da kuɗi. Ka nemi mutum biyu da ba su da alaƙa da juna, kuma a ƙarshen kowane kira ka ce, "Wa kuma ya san aikinsa da kyau?" Wanda aka ambata a nan ba yaron ne ya zaɓe shi ba, shi ya sa maganarsa take da daraja. Manajan shagon ko dilan da ke kawo kaya sukan san abin da maigida bai sani ba. In mutum biyu suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, ka ɗauke shi da gaske. In ɗaya ne kawai, tambaya ce da za ka kai wa yaron, ka ji ta bakinsa ba tare da ka ambaci wanda ya faɗa ba. Kada ka shiga lafiyarsa ko aurensa ko ƙabilarsa ko aƙidarsa, ba su da alaƙa da katan ɗin da za a ƙirga, kuma suna sa mai amsa ya rufe baki. Ka riƙe biro kana rubuta kalmomin mutumin yadda ya faɗe su, domin bayan awa ɗaya "ba laifi" za ta koma "ya yabe shi" a ƙwaƙwalwarka in kana son yaron, ko "ya kushe shi" in ba ka so. Kuma kada ka haɗa wannan da mai tsaya masa. Garanto alkawarin biya yake yi in an yi ɓarna, yawanci ɗan uwa ne, bai taɓa ganin yaron a bakin aiki ba.

Game da mutumin da ka riga ka kira, tunda a Kano kuke duka, ni da zan bar waya in je shagonsa da kaina bayan La'asar, lokacin da ciniki ya lafa. Abin da Bahaushe ba zai faɗa wa murya ba yakan faɗa wa fuska, musamman in ya taka maka zuwa bakin layi, inda yaransa ba sa ji. Ka fara da yaushe ya zo da yaushe ya tafi, ka gwada da abin da yaron ya rubuta maka, sannan ka tambaye shi makullin sito a hannun wa yake a watan ƙarshe.